Kason Asali a Gwajin Ƙwayoyin Gado: Yadda Ake Lissafa Shi da Dalilin da Ya Sa Yake Sauyawa da Rukunin Ma'auni

Tsakure

Kamfanonin gwajin asali suna karɓar yawun mutum, su mayar masa da jerin alƙaluma: kashi kaza daga ƙasa kaza, kashi kaza daga wata. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ake samo waɗannan alƙaluma, daga abin da na'ura take karantawa a ɗakin gwaje-gwaje zuwa lissafin da ake yi a kansa. Ta nuna cewa kason da ake bayarwa awon kamanni ne tsakanin mai gwaji da wasu rayayyun mutane da kamfani ya tara ya laƙaba musu suna, waɗanda a nan aka kira rukunin ma'auni. An warware misali guda da alƙaluma domin a ga yadda ƙwayoyin gadon mutum ɗaya suke ba da amsa uku mabambanta idan aka sauya rukunin, da abin da yake faruwa ga mutumin da ba a saka jama'arsa cikin ma'aunin ba. Daga nan aka dubi matsayin Afirka ta Yamma a cikin tarin samfuran da ake aiki da su, da alamomin da ake gane kaso mai tushe da su.

Gabatarwa

A watan Janairun 2019, shirin Marketplace na gidan talabijin ɗin CBC a Kanada ya nuna wani gwaji mai sauƙi. 'Yar jarida Charlsie Agro da 'yar'uwarta, tagwaye ne masu kama ɗaya, suka aika samfurinsu ga kamfanoni biyar: AncestryDNA, 23andMe, MyHeritage, FamilyTreeDNA da Living DNA. Tagwaye irin waɗannan daga ƙwai ɗaya suka fito, don haka abin da suka gada kusan iri ɗaya ne sak. Masana a Jami'ar Yale sun duba ɗanyen bayanan da na'ura ta karanta suka tabbatar da hakan. Duk da haka kamfanonin biyar ba su ba da amsa ɗaya ba, kuma a cikin kamfani guda ma an sami 'yar tazara tsakanin kason tagwayen biyu.

Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa gwajin yaudara ne. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Karatun na'ura daidai yake, shi ya sa ma aka iya tabbatar da cewa tagwaye ne. Saɓanin ya taso ne daga mataki na biyu, inda ake ɗaukar abin da aka karanta a kwatanta shi da na wasu mutane. Kowane kamfani da nasa mutanen, da nasa sunayen da ya raɗa musu, da tasa hanyar lissafin. Wannan mataki na biyu shi ne batun takardar nan.

Abin da na'ura take karantawa

Gadon halittar ɗan'adam rubutu ne mai haruffa huɗu, A da C da G da T, tsawonsa kimanin haruffa biliyan 3, an rarraba shi a kan zarurruka 23 da ake kira kuromosom. Kowa yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan aka jera rubutun mutum biyu, daga ko'ina suka fito a duniya, za a tarar sun bambanta a wajen harafi ɗaya cikin 1,000. Kamfanonin ba sa karanta rubutun gaba ɗaya. Suna duba gurabe 600,000 zuwa 700,000 da aka riga aka san mutane sukan bambanta a cikinsu. A kowane gurbi amsar haruffa biyu ce kawai, misali AA, ko AG, ko GG.

Wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, da wuya a sami harafin da ya keɓanta ga al'umma guda. Tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin mutane yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin 'ya'yanta, kuma binciken da aka yi daga baya bai rushe wannan ba. Harafin da ake samu a Ibadan ana samunsa a Nairobi, sau da yawa har a Landan. Abin da ya bambanta shi ne yawan masu ɗauke da shi a nan da can. Saboda haka babu gurbin da zai ce wa na'ura wannan mutum ɗan ƙabila kaza ne. Sai dai ya ɗan rinjayar da zato zuwa wani ɓangare.

Lissafin, mataki-mataki

Bari mu ƙago rukunin ma'auni biyu, mu kira su Gabas da Yamma. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili.

A wani gurbi, harafin A yana da yawan 0.8 a Gabas, wato kwafi 8 cikin kowane 10, a Yamma kuwa 0.2. Mai gwaji ya zo da AA. Yiwuwar a sami AA a Gabas ita ce 0.8 sau 0.8, wato 0.64. A Yamma 0.2 sau 0.2, wato 0.04. Gurbin ya fifita Gabas ninki 16. Da a ce AG ya zo da shi, yiwuwar 0.32 ce a kowane ɓangare, gurbin bai faɗi komai ba. To amma gurbi mai faɗin tazara haka ba shi da yawa, musamman tsakanin maƙwabta. Abin da aka fi samu shi ne irin 0.55 a nan, 0.50 a can. A irin wannan, AA yana ba da kusan 0.30 da 0.25, fifikon da bai kai a dogara da shi ba. Shi ya sa ake buƙatar gurabe dubu ɗaruruwa, kowanne ya kawo 'yar shaidarsa a tara.

Hanyar da ta kafa wannan fage ita ce manhajar STRUCTURE, wadda Jonathan Pritchard da Matthew Stephens da Peter Donnelly suka fitar a 2000, sai ADMIXTURE ta David Alexander da John Novembre da Kenneth Lange a 2009, wadda ta fi sauri. Tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne: a ɗauka mai gwaji gauraye ne na rukunonin da ake da su, sannan a nemi kason gaurayar da ya fi dacewa da haruffansa.

Mu ce muna da gurabe 1,000 irin na farko, kowanne da harafin da yawansa 0.8 ne a Gabas, 0.2 a Yamma. Mai gwaji yana da kwafi biyu a kowane gurbi, jimilla 2,000. Aka ƙirga aka tarar 1,300 daga ciki harafin nan ne, wato 0.65. Da tsantsar Gabas ne, da an sami wajen 0.8. Da tsantsar Yamma ne, da an sami 0.2. Shi yana tsakani, kuma matsayinsa a tsakanin shi ne kason:

```
q = (f - pY) / (pG - pY)
q = (0.65 - 0.20) / (0.80 - 0.20) = 0.75
```

A nan f shi ne yawan harafin a jikin mai gwaji, pG da pY kuma yawansa a Gabas da Yamma. Rahoto zai ce kashi 75 Gabas, kashi 25 Yamma.

Yanzu a bar mai gwajin yadda yake, a taɓa ma'aunin kaɗai. Kamfani na biyu ya tara mutanensa na Yamma daga wani gari da ya fi kusa da iyaka, inda yawan harafin 0.35 ne. Lissafin ya zama 0.30 a raba da 0.45, kashi 67 Gabas ke nan. Kamfani na uku ya bar Yamma a 0.2, amma mutanensa na Gabas daga wani lardi suke inda yawan harafin 0.7 ne. Sai a sami 0.45 a raba da 0.50, kashi 90. Yawu ɗaya, haruffa 1,300 ɗin nan dai, amsa uku: 67, 75, 90. Babu kamfanin da ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Kowanne ya amsa tambayar da ya yi, tambayoyin ne suka bambanta, ko da yake duka ukun sun buga kalmar Gabas a saman rahotonsu.

Daga jimilla zuwa gunduwa-gunduwa

Manyan kamfanoni a yau ba sa tsayawa a wannan ƙidayar ta jimilla. Da farko sukan yi ƙoƙarin tsefe haruffan, a ware waɗanda suka zo tare daga uwa da waɗanda suka zo daga uba, domin na'ura ba ta faɗin wannan. Kintace ake yi ta hanyar duba jerin haruffan da aka saba gani tare a jikin dubban mutane. Daga nan sai a yanka kowane kuromosom gunduwa-gunduwa. A tsarin da AncestryDNA ya bayyana a 2018, gunduwa 1,001 ake yi. Kowace gunduwa a tambaye ta: da wane rukuni kika fi kama? Jerin haruffa da suka zo a haɗe sun fi harafi guda ɗaukar labari, shi ya sa wannan hanya take iya raba al'ummomin da ƙidayar jimilla ba za ta raba ba.

Bayan haka ana yin gyara. Gado yana zuwa ne a dogayen yankuna, don haka idan gunduwa goma a jere sun ce Gabas, ta tsakiyarsu ta ce Yamma da rauni, sai a ɗauka ita ce ta kauce, a mayar da ita cikin 'yan'uwanta. A ƙarshe a ƙirga gunduwoyin kowane rukuni a raba da jimilla. Tunda kwafi biyu ne, ana maganar gunduwa wajen 2,000, kashi 1 cikin 100 kuma bai wuce gunduwa 20 ba. Wanda ya ga kashi 1 na wata ƙasa mai nisa a rahotonsa, abin da yake kallo ke nan: 'yan gunduwoyi kamar ashirin da suka ɗan karkata can.

Wannan ya bayyana saɓanin tagwayen Kanada. Na'ura takan kasa karanta 'yan gurabe kaɗan, kuma ba gurabe ɗaya take kasawa a kowane samfuri ba. Gunduwar da take kan gaɓa tsakanin rukuni biyu masu kama da juna, harafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya tura ta ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma ƙa'idar tabbaci. 23andMe yana ba mai gwaji damar duba sakamakonsa a matakan tabbaci daga kashi 50 zuwa kashi 90. A mataki na 50, gunduwa tana samun sunan ƙasa da zarar zato ya rinjaya. A mataki na 90, gunduwoyi da yawa sukan bar sunan ƙasa su koma babban suna irin "Broadly West African", wasu ma su koma "Unassigned", wato ba a san inda za a sa su ba. Rahoton da aka fi gani, wanda mutane suke yaɗawa, na mataki mafi ƙarancin tabbaci ne. Ina ganin duk wanda zai yi magana a kan sakamakonsa, ya kamata ya fara duba shi a mataki na sama tukuna.

Su wane ne rukunin ma'auni

Mutanen ma'auni rayayyu ne na wannan zamani. Ba ƙasusuwan kakanni aka tono ba. Ana samo su daga tarin samfuran bincike da kowa zai iya amfani da su, da kuma abokan cinikin kamfani da suka yarda. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne kakannin mutum huɗu su kasance haifaffun wuri ɗaya. Bayan an tara su, sai a zana taswirar kamanninsu ta lissafi, duk wanda ya faɗo nesa da sauran 'yan rukuninsa a cire shi.

Wannan tacewa tana da dalili, amma tana da farashi. Kakanni huɗu ba su kai mu baya fiye da shekara ɗari da 'yan kai ba. Kuma cire wanda ya fita daban yana sa rukunin ya zama dunƙulalle fiye da yadda jama'ar take a zahiri. Garin da ya daɗe yana karɓar baƙi, fatake da malamai da bayi da mayaƙa, gaurayarsa ita ce gaskiyarsa, tacewar kuwa gaurayar take zubarwa.

Sunan da ake laƙaba wa rukuni ma zaɓi ne na kamfani. Yawanci sunan ƙasa ake sawa domin shi mai saye ya sani. Sai dai Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya a 1914 aka haɗe ta, kuma iyakarta da Nijar ko Benin ba ta raba aure ba, ballantana gado. Idan rahoto ya ce wa baƙar fatar Amurka kashi 30 "Nigerian", ma'anarsa kashi 30 na gunduwoyinsa sun fi kama da na mutanen da kamfanin ya tara ƙarƙashin wannan suna fiye da na sauran rukunonin da yake da su.

Yawan mutanen rukuni shi ma yana da tasiri. Yawan harafi a rukuni kintace ne daga samfuri. Rukuni mai mutum 25 yana da kwafi 50, kuma idan ainihin yawan harafin 0.5 ne, kuskuren da ake sa rai a kintacen ya kai wajen 0.07. Wannan ya fi tazarar 0.05 da muka gani tsakanin maƙwabta. Da mutum 1,000 kuskuren yana sauka zuwa wajen 0.01. Tara gurabe masu yawa yana rage illar, amma ba ya kawar da ita, musamman a hanyar gunduwa, inda ake neman jerin haruffa irin na mai gwaji a cikin rukunin. Ƙaramin rukuni ba ya ƙunsar yawancin jerin da jama'arsa take da su, sai gunduwar ta sami abin da ya fi kama da ita a babban rukunin maƙwabta, ta tafi can.

An ga tasirin wannan ƙarara a watan Satumban 2018, lokacin da AncestryDNA ya faɗaɗa ma'auninsa daga samfuri kimanin 3,000 zuwa kimanin 16,000, ya kuma sauya hanyar lissafi. Mutane suka wayi gari kasonsu ya canza, wasu ƙasashen sun ɓace daga rahotonsu, wasu sun bayyana, alhali ba wanda ya sake aika yawu.

Idan jama'arka ba ta cikin ma'aunin

Nan ne matsalar ta fi tsanani, kuma nan ne ta shafe mu kai tsaye. Mu koma misalinmu. A ce akwai al'umma ta uku, mu kira ta Tsakiya, wadda ta daɗe a wurinta, kuma yawan harafin nan a cikinta 0.65 ne tun asali. Ba ta cikin ma'aunin kamfani. Ɗanta ya yi gwaji, aka sami 0.65, lissafi ya ba da kashi 75 Gabas, kashi 25 Yamma. Ƙaninsa haka, maƙwabcinsa haka, duk garin haka. Kowannensu zai zaci ɗaya daga kakanninsa huɗu mutumin Yamma ne, alhali babu wannan kaka. Dole kason ya cika 100, kuma ba a ba lissafin damar cewa ba ko ɗaya daga cikinsu. Kamar tela ne da aka kawo masa yadi shuɗi mai duhu, zaren da ke shagonsa kuwa baƙi ne da bula kawai. Zai ɗauki wanda ya fi kusa, ko ya haɗa biyun, ɗinki ya tafi.

Daniel Lawson da Lucy van Dorp da Daniel Falush sun nuna wannan a 2018 ta hanyar kwaikwayon lissafi. Sun gina tarihi uku mabambanta: gauraya ta kwanan nan, gauraya da wata al'umma da ba a saka cikin samfuri ba, da kuma al'ummar da yawanta ya taɓa raguwa ƙwarai. Duka ukun suka ba da zanen kaso kusan iri ɗaya. Akasin haka ma yana faruwa. A binciken Noah Rosenberg da abokan aikinsa na 2002, da aka umarci STRUCTURE ta raba mutanen duniya gida shida, gida na shida ya faɗa kan Kalash, wata 'yar ƙaramar al'umma a tsaunukan arewa maso yammacin Pakistan. Keɓewa da auren cikin gida ne suka sa yawan haruffansu ya fita daban, har lissafi ya ɗauke su tamkar wani tushe mai zaman kansa.

To wa ke cikin ma'aunin daga Afirka? Tarin samfuran HGDP, wanda aka buɗe wa masu bincike a 2002, yana da mutum dubu da 'yan kai daga al'ummomi hamsin da wani abu. Daga Afirka ta Yamma akwai Yarbawa ashirin da 'yan kai, da Mandinka na Senegal. Aikin 1000 Genomes, a rahotonsa na 2015, ya ƙunshi mutum 2,504 daga al'ummomi 26. Na nahiyar Afirka biyar ne: Yarbawan Ibadan, Esan na kudancin Najeriya, Mende na Saliyo, mutanen yammacin Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Hausawa, babu Fulani, babu Barebari, babu Buzaye, babu Zabarmawa. Daga gaɓar tekun Atlantika aka tsallake zuwa Kenya, dukan faɗin Sahel da kewayen Tafkin Chadi ba kowa. Kamfanoni sun ƙara nasu samfuran a kan waɗannan, kuma suna ci gaba da ƙarawa, amma ginshiƙin da aka fara gini a kansa ke nan.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin gado. Sarah Tishkoff da abokan aikinta, a mujallar Science ta 2009, sun duba al'ummomin Afirka 121 suka gano tushe 14 a lissafinsu na duniya, akasarinsu na Afirka. Fulani sun fito da nasu gidan daban a wannan lissafi. Binciken H3Africa da mujallar Nature ta buga a 2020 ya karanta cikakken gadon mutum 426 daga al'ummomi 50, ya gano bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Daga cikin abin da ya nuna akwai alaƙar gado tsakanin Birom na Filato da al'ummomin Gabashin Afirka, abin da ma'aunin da ya dogara ga Ibadan ba zai iya bayyanawa daidai ba.

Saboda haka idan mutumin Katsina ko Damagaram ya yi gwaji da ma'aunin da ba shi da jama'arsa, abin da lissafin nan ya nuna za a sa rai shi ne a rarraba shi tsakanin maƙwabta: kaso babba ga rukunin kudancin Najeriya, wani ga Mali ko Senegal, wataƙila ɗan wani abu ga Sudan ko Arewacin Afirka. Wani ɓangaren wannan yana iya zama shaidar tsohuwar cuɗanya ta gaske, domin hanyoyin Sahara da hanyar aikin hajji ta ƙasa sun daɗe suna kai mutane suna kawowa. Wani ɓangaren kuma cike gurbi ne kawai. Rahoton ba ya rarrabe su. Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki irin wannan kashi 4 ko 5 a kafa hujja da shi kan labaran asali, a ce ga kimiyya ta tabbatar mun fito daga gabas, ko kuma a yi amfani da shi a kore wani daga ƙabilarsa. Alƙaluman ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Hausanci kuwa, kamar yadda masana tarihi suka daɗe da nunawa, harshe da zama da al'ada suka gina shi, ya haɗiye mutane daga tushe iri-iri, don haka ko da an gina rukunin Hausawa a ma'auni, tambayar Hausawan ina za a ɗauka tana nan.

Yadda ake gane kaso mai tushe

Ba duka rahoton ne yake da rauni iri ɗaya ba. Rabewa tsakanin nahiyoyi, misali Afirka kudu da Sahara da Turai da Gabashin Asiya, tana da ƙarfi, kamfanoni kuma sukan yi kusa da juna a kanta, domin tazarar yawan haruffa a nan tana da faɗi. Rauni yana ƙaruwa ne yayin da aka gangaro zuwa maƙwabtan ƙasashe. Wanda ya ga kason Ghana da na Najeriya suna musayar wuri daga wannan sabuntawa zuwa waccan, alhali jimillarsu ba ta motsa ba, ya san jimillar ce abin riƙewa.

Alama ta biyu tsawon yanki ce, kuma ita ce ta fi amfani. A kowane zamani na haihuwa, kuromosom ɗin uwa da na uba sukan yi musayar sassa kafin a miƙa wa ɗa, a wurare talatin da 'yan kai a faɗin gadon. Don haka abin da aka gada daga kaka na kusa yana zuwa a dogayen yankuna, wani lokaci rabin kuromosom ko fiye. Abin da ya daɗe yana yawo cikin al'umma kuwa ya riga ya daddatse. Mu ɗauki mutum biyu, kowanne an ba shi kashi 12 na Arewacin Afirka. A taswirar kuromosom ta na farko, kason yana zaune a 'yan dogayen yankuna, kuma duk a kwafin da ya zo daga ɓangare ɗaya, na uwa ko na uba. Wannan ya dace da mahaifin kaka guda, wanda rabonsa a ƙa'ida kashi 12.5 ne. A ta na biyu, kason ya warwatsu a ƙananan gutsattsari a kusan kowane kuromosom, a kwafin uwa da na uba baki ɗaya, kuma 'yan garinsu da suka yi gwaji duk sun sami kwatankwacin haka. Wannan ba kaka guda ba ne. Ko dai tsohuwar gauraya ce da ta game al'ummar tun ƙarnoni, ko kuwa alamar cewa ba a saka al'ummar a ma'auni ba.

Alama ta uku gwajin iyaye ce. Ɗa ba ya gadon abin da babu shi a jikin uwa ko uba. Idan an ba shi kashi 2 na wata ƙasa, aka gwada iyayen biyu a kamfani ɗaya ba a ga ko ɗigo ba, to kason nan daga lissafi ya fito. Amma bambanci tsakanin 'yan'uwa ciki ɗaya ba lallai kuskure ba ne. Kowane ɗa rabin gadon uba yake ɗauka, kuma ba rabi ɗaya suke ɗauka ba. Rabon kaka a jikin jika kashi 25 ne a matsakaici, amma wani jikan yakan sami ƙasa da 20, wani sama da 30.

Wannan rarrabuwar gado tana sa wa gwajin wata iyaka da ko ma'auni mafi cika ba zai ɗauke ta ba. Zamani goma baya, wato shekara 250 zuwa 300, mutum yana da gurbin kakanni 1,024 a bishiyar nasabarsa. Yankunan gadon da suka iso gare shi ba su isa a raba wa kowannensu ba, kuma lissafin masana ya nuna kusan rabin waɗannan kakanni ba su bar masa ko gunduwa ɗaya ba. Gidan da ya riƙe salsalarsa zuwa wani malami da ya zo daga Borno ko Agadas a ƙarni na 18 zai iya yin gwaji bai ga alamar malamin ba, salsalar kuma ta kasance daidai.